Rubutun Kufi mai murabba'i: yadda ake ƙirga gidajensa da inda ya dace da tambari

A tutar Iran, a bakin koren ɓangare da bakin jan ɓangare, akwai wani farin zane da mutum zai ɗauka ado ne kawai, kamar saƙar bakin tabarma. Rubutu ne. "Allahu Akbar" aka maimaita sau 22, 11 a sama, 11 a ƙasa, kuma haka tutar take tun 1980. Mutum zai iya shekara yana ganinta bai gane haruffa ba ne, amma ranar da aka nuna masa alif da lam, ba zai sake ganin wurin a matsayin ado zalla ba. Wannan hali na ɓuya a fili shi ne ƙarfin irin wannan rubutu na Kufi, kuma shi ne yake jefa masu zanen tambari cikin matsala.

Kalmar Kufi laima ce babba. Sunan ya fito daga birnin Kufa na Iraƙi, wanda aka kafa wajen shekarar 638, a zamanin Halifa Umar. Akwai Kufin tsofaffin Mus'hafai, na alƙalami a kan fata, mai haruffa masu kauri da jan layi a kwance. Irinsa ne aka jera da ƙananan duwatsu masu launi a cikin Ƙubbatus Sakhra a Ƙudus, wadda Abdulmalik ɗan Marwan ya gina wajen 692, rubutun da tsawonsa ya kai kusan mita 240. Akwai Kufi mai ganye da fure, wanda ya bunƙasa a Masar ta Fatimiyawa, ana ganinsa a masallacin Azhar da na Alhakim. Akwai mai kitso, inda dogayen haruffa ke sarƙewa da juna. Duk waɗannan suna da lanƙwasa a wani wuri, kuma hannun marubuci yana da ta cewa. Wanda zan yi magana a kansa daban yake: Kufi mai murabba'i, wanda babu lanƙwasa ko ɗaya a cikinsa.

Asalinsa aikin magina ne, shi ya sa a Iran ake kiransa banna'i, wato na magini. Mai jera tubali ba shi da bakin alƙalami da zai karkata. Tubali ko dai ya kwanta ko ya tsaya, kuma kaurinsa ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe. Daga cikin tsofaffin misalan da ake yawan ambata akwai hasumiyar Mas'ud na Uku a Gazna, a Afganistan ta yau, wanda ya yi mulki daga 1099 zuwa 1115. Daga baya salon ya mamaye bangaye gaba ɗaya, kamar na hubbaren Ahmad Yasawi a Turkistan ta Kazakistan da masallacin Bibi Hanum a Samarkand, inda tubali mai ƙyalli shuɗi ke rubuta sunan Allah da na Annabi a kan tubali mara fenti. Kuma magina ba da ka suke yi ba. A fadar Tofkafi da ke Istanbul akwai wani dogon naɗaɗɗen kundin magina mai ɗauke da zane 114, wasu daga ciki rubutu ne da aka tsara a kan takarda mai gida-gida, kowane gida a madadin tubali ko tayil ɗaya.

Doka guda ce ke riƙe da salon duka: kaurin layi gida ɗaya, tazarar da ke tsakanin layi da layi gida ɗaya. Baƙi bai fi fari kauri ba, fari bai fi baƙi ba. Ba a yarda a sami dunƙulen gidaje huɗu, biyu a kan biyu, duk baƙi ko duk fari. Idan aka sami farin dunƙule, ido zai faɗa cikinsa kamar rami. Idan baƙi ne, ya zama tabo.

Daga wannan doka wani lissafi ke fitowa wanda ke sauƙaƙa aikin ƙwarai. Tun da zanen yana farawa da baƙi a gefe ɗaya ya ƙare da baƙi a ɗaya gefen, faɗinsa da tsayinsa dole su zama mara: 5, 7, 9, 11, haka dai. Ka sa wa sahu-sahun kwance lamba, ka sa wa na tsaye. Duk gidan da ya faɗa mahaɗar mara da mara baƙi ne, ba tambaya. Duk wanda ya faɗa mahaɗar cika da cika fari ne. Sauran gidajen, na mahaɗar mara da cika, su kaɗai ne kake da zaɓi a kansu, domin su ne gadojin da ke haɗa baƙi da baƙi. Aikin mai zane ke nan gaba ɗaya: wace gada zai gina, wacce zai bari a buɗe. Wanda ya fara da ɗiga baƙaƙen gidajen nan na dole a takarda kafin ya zana harafi ko ɗaya, da wuya ya karya doka.

Haruffan kansu ba su da siffofi da yawa. Alif da lam sanda ce tsaye. Ba, ta, nun da ya a farkon kalma ko tsakiyarta haƙori ne, gajeriyar sanda, galibi gida uku idan an haɗa da layin ƙasa. Sin haƙora uku ne, saboda haka yana cin gida biyar a faɗi. Mim, fa, ƙaf, wawu da ha duk suna da kai rufaffe, kuma mafi ƙanƙantar akwatin da za a iya yi shi ne uku a kan uku da farin gida ɗaya a tsakiya. Ain a farkon kalma akwatin ne da aka buɗe masa baki ta dama. Da yake siffofin kaɗan ne, abin da ke bambanta harafi da ɗan'uwansa bai wuce tsayi, wutsiya da ɗigo ba. Wanda ya taɓa ɗaya daga cikin ukun don neman cike gurbi, zai iya canza kalmar bai sani ba.

Bari mu gwada da kalmar Larabci ƙalam, wato alƙalami, a ce sunan wani kamfanin buga littattafai ne. Haruffa uku: ƙaf, lam, mim, kuma duk suna haɗe a layi ɗaya. Za mu fara daga dama. Ƙaf akwati ne na gida uku da ɗigo biyu a samansa. Sai tazarar gida ɗaya, sai sandar lam, sai wata tazarar, sai akwatin mim da gajeriyar wutsiya zuwa hagu. Idan muka bar lam da tsayin gida bakwai, ga abin da zai fito:

```
......#....
......#....
......#.#.#
......#....
..###.#.###
..#.#.#.#.#
###########
```

Wannan yana karantuwa sarai, amma bai zama Kufi mai murabba'i ba tukuna. Faɗi 11, tsayi 7, ga wani makeken fili a saman mim, ga wani ƙarami a saman ɗigon ƙaf. Gyara biyu ake bukata. Na farko, a rage lam zuwa gida biyar, kansa ya yi daidai da sahun ɗigon. Har yanzu ya fi akwatunan tsayi da gida biyu, don haka lam ɗinsa yana nan. Na biyu, a ɗauke wutsiyar mim daga ƙasa, a ɗaga ta sama ta gefen hagu, a lanƙwaso ta dama ta rufe filin da ke kan akwatin:

```
###.#.#.#
#...#....
###.#.###
#.#.#.#.#
#########
```

Yanzu faɗi 9, tsayi 5, gida 45 ke nan. A ciki 15 baƙaƙe ne na dole, 8 farare na dole, 22 kuma su ne muka yanke hukunci a kansu, muka gina gada 14 muka bar 8. Jimilla baƙi 29, fari 16. Wannan ya nuna cewa duk da ana cewa baƙi da fari daidai suke, a kauri ne kawai suke daidai. A yawa baƙi ya rinjaya, shi ya sa tambarin Kufi ke yin nauyi a kan takarda fiye da yadda ake zato, kuma idan an ajiye siririn rubutun boko a gefensa sai ya danne shi.

Dubi abin da ɗigon nan biyu ke yi. Sun cike gurbi, kuma su kaɗai ne suka raba ƙaf da mim, domin akwatunan biyu iri ɗaya ne sak. Tsofaffin magina sukan zubar da ɗigo gaba ɗaya, kuma hakan bai dame su ba saboda abin da suke rubutawa kowa ya haddace shi. A nan kuwa, cire ɗigon sai kalmar ta iya zama falam, wadda mai karatun Alƙur'ani ya saba gani fiye da ƙalam. Akwai kuma wani abin lura: ɗigo biyu a kan ƙaf ƙa'idar rubutun gabas ce. A rubutun Magrib ƙaf ɗigo ɗaya gare shi a sama, fa kuma ɗaya a ƙasa. Mai zane ya san wa zai karanta kafin ya zaɓa.

To, idan mai kamfanin ya dage sai tambari mai kusurwa huɗu daidai fa? Abin da zai fara zuwa zuciya shi ne a tura kalmar cikin bakwai a kan bakwai ta hanyar karya layin ƙasa ya hau gefen hagu, mim ya koma kusurwar sama. Karya layi halal ne a wannan salo. Haka ake rubuta dogayen ayoyi: a fara daga kusurwar dama ta ƙasa, a bi gefe-gefe yadda hannun agogo ke tafiya, kawunan haruffa na kallon ciki, ana nannaɗewa har tsakiya. Matsalar a nan ita ce mim zai zauna daidai saman lam, ya tilasta masa tsayawa a gida uku. Lam mai gida uku haƙori ne, mai karatu zai nemi ɗigonsa ya ga ba ne ko nun. Wata dabarar da ke jan hankali ita ce a bar lam da tsayi a karya kansa zuwa dama don cike wuri. Ita ma tarko ce, domin sanda mai hula zuwa dama ta kama hanyar zama kaf ko wani ƙaton ain. Wutsiya tana jure lanƙwasa yadda aka ga dama, shi ya sa muka yi wasa da ta mim. Kan harafi ba ya jurewa.

Mafita mai tsafta tsohuwa ce: a maimaita kalmar sau huɗu tana juyawa, yadda magina suka yi da sunan Ali a zanen da ake kira cahar Ali, wato Ali huɗu. Lissafin gefen murabba'in shi ne faɗi da tsayi da tazara ɗaya: 9 da 5 da 1, wato 15. Ka kwantar da ɗaya a ƙasa ta dama, ka juya na biyu kwata ya tsaya a hagu, na uku ya kife a sama, na huɗu ya tsaya a dama. A tsakiya za a bar fili biyar a kan biyar, wanda idan an cire tazara ta kowane gefe ya rage uku a kan uku, daidai ƙaramin akwati na ado. A kula, juyawa ake yi, ba kifawa irin ta madubi ba. Kalmar da aka juya tana karantuwa idan ka karkata kai. Wadda aka kifa ta koma daga hagu zuwa dama, kuma a manhajar zane maɓallan biyu makwabtan juna ne.

Akwai dokar da ba ta gida-gida ba ce, ta Larabci ce, kuma ita aka fi karyawa. Haruffa shida ba sa haɗuwa da harafin da ke biye da su: alif, dal, zal, ra, zai da wawu. Duk inda ɗayansu ya zo, dole a bar gada a buɗe. Mai zanen da bai iya karatun ba yakan ga wannan farin gida kamar kuskure ya cike shi, alif ya manne da na gaba ya zama lam. Akasin haka ma na faruwa, a yanke layi a tsakiyar kalma don zanen ya daidaita. Wannan cuta ta daɗe. Sarki Offa na Marsiya a Ingila ya sa an kwaikwayi dinarin Halifa Mansur na shekarar 157 ta Hijira, aka buga sunansa da haruffan Latin a kife a tsakanin layukan Larabcin, Larabcin kuma da kurakurai, alamar mai sassaƙa hatimin zane yake kwafa, ba rubutu ba. Maganin abu ne mai sauƙi: ka miƙa wa wanda ya iya Larabci zanen, kada ka gaya masa abin da ka rubuta, ka ji me zai karanta. Idan sai da ka yi masa bayani, zanen bai gama ba.

Daga nan ake gane inda salon ya dace da tambari. Yana son gajeren suna, harafi uku zuwa biyar, musamman mai cakuɗa dogo da gajere, domin dogayen su ne ke ba ido abin kamawa. Sunan da haƙora suka yi masa yawa, sin da ba da ya da nun a jere, yakan koma kamar matsefi. Yana kuma son sunan da za a rubuta a fili a gefensa da rubutu na yau da kullum, ta yadda murabba'in zai zama alama, ba shi ne zai sanar da sunan ba. Bangon masallaci yana cin moriyar hadda: ka hango kalma biyu na Suratul Ikhlasi, sauran ka ƙarasa da ka. Sabon kamfani ba shi da wannan gata. Shi ya sa a ganina cusa cikakken suna mai kalma huɗu a murabba'i ɗaya, a ce shi ne tambari, ɓata aiki ne. Abin da zai fito ya fi kama da lambar QR, har wani ya ɗaga waya.

Girma shi ne gwaji na biyu, kuma a nan ƙirga gida yana amfani. Murabba'inmu na 15 idan aka buga shi a faɗin milimita 15 a kan kati, kowane gida milimita ɗaya ne, wanda injin bugu mai kyau zai fitar. Idan aka rage shi zuwa rabin haka, tawada ta ɗan bazu a takarda mai sha, fararen layukan su ne za su fara toshewa, idon mim ya rufe. A fuskar kwamfuta kuwa, gida ya zama cikakken adadin fiksel. A ƙaramar alamar shafin intanet mai fiksel 32, gida ɗaya fiksel biyu, zanen ya ci 30, ya fito tsaf. Idan aka ja shi zuwa 24, kowane gida ya zama fiksel ɗaya da ɗoriya, wasu layukan su yi kauri wasu su yi dishi-dishi, daidaiton da aka sha wahala a kansa ya tafi. Hikima ita ce a tanadi iri biyu: mai juyi huɗu don manyan wurare, da kalma ɗaya ta tara a kan biyar don ƙanana. Kuma a bar farin fili aƙalla gida biyu kewaye da shi, in ba haka ba duk layin da ya matso kusa zai shiga cikin karatun.

A ado kuwa salon ya koma gidansu. Duk abin da ake ginawa da ƙwaya-ƙwaya yana karɓarsa ba tare da asara ba: tayil, tubali, saƙa, ɗinkin da ake ƙirga zare. Da tayil mai santimita 5, murabba'in 15 zai ci santimita 75 kowane gefe, tayil 225, ban da ɗan abin da simintin tsakani zai ƙara. Sai dai launukan biyu su bambanta da gaske a haske da duhu, domin idan sun yi kusa ido ba zai san wanne ne rubutu wanne ne bango ba, tun da kaurinsu ɗaya. Inda ake tuntuɓe shi ne yankan ƙarfe ko katako, irin na taga da ƙofa. Idan haruffan ne aka huda, farin gidan tsakiyar mim da ƙaf ba abin da ke riƙe da shi, zai faɗo tare da tarkace, akwatin ya zama ƙaton rami. Idan kuma bangon aka huda aka bar haruffan, ɗigon ƙaf ne za su faɗi. Ko dai a saka siraran maɗauri da ba su kai rabin gida ba, ko a manna zanen a kan faranti.

Game da nassi mai tsarki, ɓuyan da rubutun ke yi yana da haɗarinsa. Da yake yana kama da ado, mai shimfiɗa tayil ko mai buga leda zai iya ɗaukar zanen da ya gani ya burge shi ya sa a daɓe ko a kwalin da za a yar, alhali sunan Allah ne ko aya. Zanen da aka tsinta ba a san abin da ya ƙunsa ba, a kai wa mai karatu tukuna. Tambarin kasuwanci kuma, tun da zai hau rasit da buhu, ya fi aminci ya tsaya a kan sunan kamfanin.

Wani zai ce ai akwai nau'in haruffan kwamfuta masu sunan Kufi, me ya sa za a zauna ƙirga gida? Akwai su, irin Reem Kufi da Noto Kufi Arabic, kuma suna da kyau ga kanun rubutu da allon sanarwa. Amma dangin Kufin alƙalami ne da aka zamanantar, masu lanƙwasa, kamar yadda kabbarar da ke tutar Iraƙi tun 2004 Kufi ce ba tare da ta zama mai murabba'i ba. Su ne ma suka fi dacewa da rubuta cikakken sunan a gefen tambarin. Shi mai murabba'i ba ya fitowa daga madannai, saboda siffar kowane harafi ta dogara da gurbin da makwabtansa suka bar masa. Wutsiyar mim ɗinmu ta hau sama ne don lam ya bar fili a can. A kalmar ilm, inda ain ya maye gurbin ƙaf, ɗigon nan biyu babu su, gidaje uku na kusurwar dama ta sama sun zama kango, kuma dole a koma takarda a sake lissafi daga farko.